Yadda ake lissafa ilastisitin buƙata a gasar kacici-kacici, da abin da amsar take faɗa a kan jimillar ciniki

A gasar kacici-kacici ta darasin tattalin arziki, irin wadda makarantun sakandaren Kaduna suke yi a tsakaninsu, da wuya a tashi ba a kawo tambaya a kan ilastisitin buƙata ba, kuma galibi tambayar tana zuwa ne da baki biyu. Da farko za a ce ɗalibi ya lissafo adadin, sannan a ce ya faɗi abin da zai sami jimillar cinikin mai kaya bayan an sauya farashi. Ɗalibai da yawa sukan ɗauki waɗannan a matsayin tambayoyi biyu daban, alhali abu ɗaya ne aka leƙa ta ƙofofi biyu, kuma wanda ya gane haka zai iya amfani da rabin tambayar na biyu ya binciki amsar da ya samu a rabin farko tun kafin ya buɗe baki.

Ilastisitin buƙata ma'auni ne na yadda yawan abin da mutane suke saye yake motsawa idan farashinsa ya motsa. Masanin tattalin arzikin Ingila, Alfred Marshall, shi ne ya yaɗa wannan ma'auni a littafinsa na 1890, kuma har yau tsarin bai sauya ba: ana raba sauyin da aka samu a yawan kaya, bisa kashi cikin ɗari, da sauyin da aka samu a farashi, shi ma bisa kashi cikin ɗari.

```
Ed = %ΔQ ÷ %ΔP
TR = P × Q
```

A nan Ed shi ne ilastisitin buƙata, Δ yana nufin sauyi, P shi ne farashi, Q yawan kayan da aka saya, TR kuma jimillar ciniki, wato duk kuɗin da ya shiga aljihun mai kaya kafin a cire ko sisin kwabo na sari ko haya.

Tambayar da za mu bi

Mu ɗauka alƙalin gasa ya karanto wannan: wata mai sayar da ƙwai a Tudun Wada tana sayar da kiret 200 a mako lokacin da kiret yake Naira 4,000. Da ta ɗaga farashi zuwa Naira 5,000, sai cinikinta ya sauko zuwa kiret 120 a mako. A lissafo ilastisitin buƙata, a kuma faɗi abin da ya sami jimillar cinikinta.

Mataki na farko ba lissafi ba ne, rubutu ne. Ɗalibi ya jera lambobi huɗun nan a takarda yadda kowane farashi zai tsaya kusa da yawan kayan da ya tafi da shi: 4,000 tare da 200 a sama a matsayin na da, 5,000 tare da 120 a ƙasa a matsayin na yanzu. Wannan yana cin daƙiƙa kaɗan ne kawai, amma shi yake hana kuskuren da ya fi kowane yawa, domin masu shirya tambaya sukan ambaci sabon farashi kafin tsoho da gangan, su ce "farashi ya kai Naira 5,000 daga Naira 4,000", kuma wanda yake sauri sai ya ɗauki lambar da ta fara shiga kunnensa a matsayin ta asali.

Mataki na biyu shi ne sauyin yawan kaya. Daga 200 zuwa 120 an rasa kiret 80, sai a raba 80 ɗin da adadin asali, wato 200, a samu 0.4, wanda yake kashi 40 cikin 100. Mataki na uku sauyin farashi ne, inda ƙarin Naira 1,000 a kan Naira 4,000 ya ba da kashi 25 cikin 100. A mataki na huɗu sai a raba na farko da na biyu.

```
%ΔQ = (120 − 200) ÷ 200 × 100 = −40%
%ΔP = (5000 − 4000) ÷ 4000 × 100 = 25%
Ed = −40 ÷ 25 = −1.6
```

Yawan kaya shi ne a sama, farashi a ƙasa, kuma akwai dalili. Farashi ne ya fara motsi, masu saye suka mayar da martani, kuma abin da ake aunawa shi ne girman martanin a kan kowane kashi ɗaya na motsin farashi. Wanda ya juya su zai samu 0.625, kuma kada ya yi mamaki idan ya ga wannan lambar tana jiransa a cikin zaɓin amsoshi, domin masu shirya tambaya sun san hanyar da ɗalibai suke bi su faɗa rami, kuma a bakin ramin suke ajiye amsar bogi.

Batun alamar ragi yakan rikita mutane fiye da yadda ya kamata. Tun da farashi da yawan abin da ake saye suna tafiya ne a saɓanin juna, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, amsar kusan kullum takan fito da alamar ragi. Al'adar masu darasin ita ce a ajiye alamar a gefe a dubi girman lambar kaɗai, a ce 1.6. Abin da za a kiyaye shi ne kada a ɗauki −1.6 a ce ai ƙasa da ɗaya take, don haka buƙatar ba ta talewa, wato ba ta motsawa sosai idan farashi ya motsa. A layin lambobi na darasin lissafi haka ne, amma a nan girman ake kwatantawa da ɗaya. Idan gasar ta baka ce, ya fi kyau ɗalibi ya ce "1.6, idan an ajiye alamar ragi", yadda ko wace ce alƙalin yake riƙe da ita a takardarsa, amsar ta dace.

Karanta lambar

Idan adadin ya haura ɗaya, buƙatar mai talewa ce, ma'ana masu saye sun ja da baya fiye da yadda farashi ya matsa gaba. Idan bai kai ɗaya ba, buƙatar marar talewa ce, sun ja da baya amma kaɗan. Idan ya tsaya daidai a kan ɗaya, motsin biyu sun yi kunnen doki. A allon kwamfuta, kamar a jarrabawar JAMB, za a ga waɗannan uku a rubuce da `elastic` da `inelastic` da `unitary`. A tambayarmu 1.6 tana nufin duk ƙarin kashi ɗaya a farashin kiret ya kori kashi 1.6 na ƙwan da ake saye.

Daga nan ne jimillar ciniki take shigowa. Ciniki farashi ne sau yawan kaya, don haka ƙarin farashi yana jan sa sama, raguwar masu saye tana jan sa ƙasa, kuma wanda ya fi ƙarfi shi zai rinjaya. A wurin mai ƙwai, farashi ya ja da ƙarfin kashi 25, masu saye suka ja da ƙarfin kashi 40, ke nan dole ciniki ya faɗi. Amma kada ɗalibi ya tsaya ga hasashe, ya ninka. A da, 4,000 sau 200 ya ba da Naira 800,000. Yanzu 5,000 sau 120 ya ba da Naira 600,000. Ciniki ya ragu da Naira 200,000 a mako.

Yana da amfani a ga daga ina wannan Naira 200,000 ta fito. A kan kiret 120 ɗin da har yanzu ake saye, matar ta samu ƙarin Naira dubu-dubu, jimilla Naira 120,000. A kan kiret 80 ɗin da suka rage jibge a kusurwar shago ba a ɗauka ba, ta rasa Naira 4,000 kowanne, jimilla Naira 320,000. A cire abin da ta samu daga abin da ta rasa, saura Naira 200,000. Duk wani sauyin farashi yana da waɗannan ɓangarori biyu, kuma ilastisiti hanya ce kawai ta sanin wanda zai fi nauyi.

Wannan ninkawar ita ce ma'aunin da ɗalibi zai binciki kansa da shi. Da a ce ya juya lissafin ya samu 0.625, da ya yanke cewa buƙatar marar talewa ce, kuma ƙarin farashi ya kamata ya ɗaga ciniki. Da zarar ya ninka ya ga ciniki ya sauka daga 800,000 zuwa 600,000, ya san akwai gyara a lissafinsa.

Kishiyar wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Idan ledar gishiri ta tashi daga Naira 200 zuwa Naira 300, abin da ake saye ya sauka daga leda 500 zuwa 450, farashi ya hau da kashi 50, yawan kaya ya sauka da kashi 10, amsar ita ce 0.2. Ciniki ya tashi daga Naira 100,000 zuwa Naira 135,000, domin babu gidan da zai daina sa gishiri a miya saboda ƙarin Naira ɗari, kuma babu abin da zai maye gurbinsa. Ƙa'idar a taƙaice ita ce, a buƙata marar talewa ciniki yana bin farashi duk inda ya nufa, a mai talewa kuma yana saɓa masa.

Inda hanyar da aka saba take ba da amsa biyu

Yanzu a juya tambayar ƙwan. A ce matar ta fara ne daga Naira 5,000 da kiret 120, ta rage farashi zuwa Naira 4,000, ciniki ya koma kiret 200. Lambobin su ne dai, amma adadin asali ya sauya. Ƙarin kiret 80 a kan 120 kashi 66.7 ne, ragin Naira 1,000 daga 5,000 kashi 20 ne, amsar ta zama kusan 3.33. Shago ɗaya, masu saye ɗaya, farashi biyun nan dai, amma hawa ya ba da 1.6, sauka ta ba da 3.33. Ba kuskuren ɗalibi ba ne, lahani ne a cikin hanyar kanta, kuma yana ƙara girma gwargwadon girman tazarar da ke tsakanin farashin biyu.

Maganinsa shi ne hanyar tsaka-tsaki, wadda aka fi haɗuwa da ita a ajin farko na jami'a. Maimakon a raba da adadin asali, sai a raba da matsakaicin tsoho da sabo.

```
%ΔQ = (Q2 − Q1) ÷ [(Q1 + Q2) ÷ 2] = −80 ÷ 160 = −50%
%ΔP = (P2 − P1) ÷ [(P1 + P2) ÷ 2] = 1000 ÷ 4500 = 22.2%
Ed = −50 ÷ 22.2 = −2.25
```

Ko daga wane gefe aka taso, 2.25 za a samu. To, wacce ɗalibi zai bi a gasa? A matakin sakandare, da tambayoyi irin na WAEC da NECO, hanyar adadin asali ce aka fi bi, don haka ita ce ta farko idan tambaya ba ta ce komai ba. Idan aka ga `midpoint` ko `arc elasticity` a rubuce, to hanyar tsaka-tsaki ake nufi. Idan akwai zaɓin amsoshi, su ma suna taimakawa: in ka lissafo 1.6 ba ka gan ta ba, amma ga 2.25, ka san hanyar da mai tambaya ya bi.

A misalin ƙwai duk lambobin uku sun haura ɗaya, don haka hukuncin ciniki bai sauya ba. Wurin da abin yake zama tarko na gaske shi ne kusa da ɗaya. A ce mudun wake ya tashi daga Naira 1,000 zuwa Naira 1,250, abin da ake aunawa a rana ya sauka daga mudu 100 zuwa 80. Hanyar da aka saba za ta ce kashi 20 a raba da kashi 25, wato 0.8, buƙata marar talewa, don haka ciniki ya kamata ya ƙaru. Amma 1,000 sau 100 Naira 100,000 ne, 1,250 sau 80 ma Naira 100,000 ne cif. Ciniki bai gusa ba. Hanyar tsaka-tsaki kuwa ta ba da 20 a kan 90 da kuma 250 a kan 1,125, kowanne kashi 22.2, amsar ɗaya daidai, kamar yadda cinikin ya nuna. Wannan ba dace ba ne: hanyar tsaka-tsaki ba ta taɓa saɓa wa abin da ninkawa ta nuna, amma hanyar adadin asali tana iya saɓawa idan sauyin farashi babba ne kuma amsar tana kusa da ɗaya. A ganina, duk lokacin da aka ba da farashi biyu da yawan kaya biyu sannan aka yi tambaya a kan ciniki, ɗalibi ya ninka kawai ya faɗi abin da ya gani. A bar dogaro da ƙa'ida sai inda ba a ba da lambobin da za a ninka ba.

Irin wannan tambayar ma tana zuwa. Za a ce ilastisiti 0.5 ne, farashi ya ƙaru da kashi 20, me ya sami ciniki? Sai a ninka 0.5 da 20 a samu raguwar kashi 10 a yawan kaya. Mai gaggawa zai cire 10 daga 20 ya ce ciniki ya ƙaru da kashi 10, amma daidai shi ne a ninka 1.2 da 0.9, a samu 1.08, wato ƙarin kashi 8. Hanya mafi sauƙi a ƙwaƙwalwa ita ce a ƙaddara farashi 10 ne, kaya 10 ne, ciniki 100; sabon farashi 12, sabon yawan kaya 9, ciniki 108.

Idan aka ba da dokar buƙata

A zagayen ƙarshe na gasa, ko a gwajin jami'a da kwalejin fasaha, akan ba da buƙatar a siffar lissafi. Lambobin mai ƙwai sun dace da wannan:

```
Q = 520 − 0.08P
Ed = (ΔQ ÷ ΔP) × (P ÷ Q) = −0.08 × (P ÷ Q)
```

Lambar 0.08 gangaren layin ce, kuma ba ta sauyawa: kowace Naira ɗaya da aka ƙara tana rage 0.08 na kiret. Ba ita ce ilastisiti ba, ko da yake ana yawan ba da ita a matsayin amsa. Sai an ninka ta da farashi a raba da yawan kaya a daidai wurin da ake magana. A Naira 4,000, 0.08 sau 4,000 a raba da 200 ya ba da 1.6, a Naira 5,000 kuma ya ba da 3.33. Wannan ya bayyana sirrin amsoshi biyun da muka samu ɗazu, domin kowacce tana auna talewar ne a bakin farashin da aka taso daga gare shi.

Ke nan a kan layi ɗaya ilastisiti yana sauyawa daga wuri zuwa wuri. A Naira 2,000 za a sayi kiret 360, adadin ya zama 0.44, ciniki Naira 720,000, kuma a can ƙarin farashi ɗaga ciniki zai yi. Ciniki zai ci gaba da hawa har zuwa inda adadin ya kai ɗaya, wato a Naira 3,250, inda za a sayi kiret 260, ciniki ya kai Naira 845,000. A gwada Naira 3,000 ko Naira 3,500, kowanne Naira 840,000 zai bayar, ƙasa da wancan. Ga wanda agogo yake kora akwai gajeriyar hanya: a nemo farashin da zai sa kowa ya daina saye, wato inda Q ya zama sifili, wanda a nan 520 a raba da 0.08 ne, Naira 6,500, sai a raba shi biyu. Wannan dabara tana aiki ne a miƙaƙƙen layi kaɗai.

Abin da lambar ba ta faɗa ba

Tambayar ƙarin maki da alƙalai suke so ita ce, shin matar ta yi kuskure da ta ƙara farashi? Yawancin ɗalibai sukan ce e, tun da ciniki ya faɗi. Amma ciniki daban, riba daban. A ce tana sarin kiret a Naira 3,500 daga gidan gona. A farashin 4,000 tana cin Naira 500 a kiret 200, riba Naira 100,000. A farashin 5,000 tana cin Naira 1,500 a kiret 120, riba Naira 180,000. Kuɗin da take ƙirgawa da yamma ya ragu, amma abin da ya rage mata bayan ta biya mai gona ya kusa ninkawa. Shi kuwa farashin Naira 3,250 da ya fi kawo ciniki, faɗuwar Naira 250 ce gare ta a kan kowane kiret. Saboda haka idan tambaya ba ta ambaci kuɗin sari ba, amsar da ta dace ita ce ciniki ya ragu, kuma lambobin da aka bayar ba su isa a yanke hukunci a kan riba ba. Akwai wuri ɗaya da za a iya yankewa ba tare da sanin kuɗin sari ba: idan buƙata marar talewa ce, ƙarin farashi yana ɗaga ciniki kuma yana rage kayan da za a saro, don haka riba dole ta ƙaru.

Haka kuma 1.6 ɗin nan na shagonta ne, ba na ƙwan garin Kaduna gaba ɗaya ba. Wanda ya ji farashinta ya yi tsada yana iya taka ƙafa zuwa shagon gaba, ko ya haɗa da cefanensa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Idan kuwa duk masu ƙwai suka ƙara farashi tare saboda tsadar abincin kaji, babu shagon da za a gudu zuwa, kuma adadin zai fito ƙasa da haka. Shi ya sa idan aka tambayi abin da yake sa buƙata ta tale, samuwar madadi ne abu na farko da za a ambata, sannan girman abin da kayan yake ci daga kuɗin shigar mutum, sannan tsawon lokacin da masu saye suka samu na sauya hali.

Sharaɗi na ƙarshe yana ɓoye ne a cikin kowace tambaya, wato farashi kaɗai ne ya sauya, komai yana nan yadda yake. Idan makon farko ya faɗo a watan azumi, lokacin da ake yawan soya ƙwai da dankali don buɗa-baki, mako na biyu kuma bayan salla, to wani ɓangare na kiret 80 ɗin da suka ragu ba farashi ne ya kore su ba, kuma 1.6 ta zuzuta talewar. Irin wannan ne ya faru da man fetur bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500, yawan man da ake ɗauka ya ragu, amma bai ragu da ko kusa da girman ƙarin farashin ba, abin da ya dace da buƙata marar talewa. Sai dai a cikin raguwar akwai man da a da ake ƙetarawa da shi maƙwabtan ƙasashe saboda arharsa, don haka wanda ya ɗauki alƙaluman ƙasa baki ɗaya ya raba, adadin da zai samu ba na direban da ke lodi a tashar Kawo ba ne kaɗai. A takardar gasa an riga an share waɗannan abubuwa, amma idan tambaya ta ambaci cewa kuɗin shigar jama'a ya sauya, ko farashin wani madadi ya motsa a lokaci guda, to layin buƙatar ne gaba ɗaya ya gusa, kuma raba kashi da kashi ba zai ba da ilastisitin farashi ba.